Rigar sanyi mai gashin agwagwa: a wajen shanya ake ceto ta

Cikin rigunan sanyi masu kumburi da ake samu a gwanjo, akwai waɗanda ba auduga ko zaren roba aka cusa musu ba, lallausan gashin ƙirjin agwagwa ne ko na dinya. Haka ma wasu barguna. Ɗuminsu daga iskar da gashin ke riƙewa yake zuwa, don haka da zarar ya kwanta, ɗumi ya tafi.

Shi wannan gashi yana da ɗan maiƙo na halitta da ke hana shi karyewa. Sabulun gari mai ƙarfi yana cinye maiƙon, ruwan tausasa tufafi kuwa manne silin gashin yake yi. Sai a nemi sabulun ruwa marar ƙarfi, a zuba kaɗan cikin ruwa mai ɗan ɗumi, wajen digiri 30. A ja zif, a kwashe abin da ke aljihu, a ɗinke duk wata ɓula. A baho, danna rigar ake yi da tafin hannu, ba a cuɗawa, sannan a yi ta ɗauraya har kumfa ya ƙare. Kada a murɗe ta. A danne ruwan ya fita, a tallabo ta daga ƙasa, domin nauyin jiƙaƙƙen gashi yana iya tsinka ɗinkin da ya raba cikinta gida-gida.

A nan ne hankalin mutane ke tashi: rigar ta fito a shafe, gashin ya cure a kusurwoyi. Ba lalacewa ta yi ba. Mai injin busar da kaya ya sa ta a wuta mafi ƙanƙanta tare da ƙwallon tanis 2 ko 3 masu tsabta, su riƙa bugun curin. Riga takan ci awa 2 zuwa 3, bargo ya fi haka.

In babu inji, a shimfiɗa ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada a rataye ta a igiya, gashin zai gangara ƙasa. Bayan kowace awa ɗaya ko biyu a juya ta, a bi gida-gida ana warware curin da yatsu, a kakkaɓe. Aikin yakan kai kwana 2. Busasshiyar iskar hunturu ta fi dacewa da shi, in an kare rigar daga ƙura. Da damina fumfuna kan riga mutum.

Bayan rigar yana bushewa tun cikin yana jiƙe. A ɗaga ta a haske: in an ga dunƙule-dunƙule masu duhu, ko an ji ƙarni, da saura. Sai ta bushe sarai za a adana ta, a rataye ko cikin babbar jakar yadi, ba a danne a ƙasan akwati ba.