Firintar da Ke Ɓata Duk Lokacin da Aka Ɗauke Wuta

A shagon da ke da kwamfutar karɓar kuɗi da ƙaramar firintar rasit, akwai wata cuta da ke zuwa bayan ɗauke wuta. Ana tada janareta, komai ya kunnu, fitilun firinta na ci lafiya lau, takarda na ciki, amma mai karɓar kuɗi ya danna ya sake dannawa rasit ya ƙi fitowa. Sai a kashe a kunna, a zare waya a mayar, wani lokaci ta dawo, wani lokaci sai an kira mai gyara. Galibi firintar ba ta lalace ba. Adireshinta ne ya canza, kwamfutar kuma tana can tana ƙwanƙwasa ƙofar tsohon gida.

Kowace na'ura da ke kan rautar shago tana da lamba da ake kira adireshin IP, irin su 192.168.0.101. Rauta ce ke raba waɗannan lambobi ta wani tsari mai suna DHCP, wanda ake amfani da shi tun 1993. Abin da ya kamata a riƙe game da shi shi ne, rauta ba ta ba da lamba kyauta, haya take bayarwa. Na'ura ta kunnu ta yi cigiya, rauta ta duba lambobin da ba kowa a kansu ta ba ta ɗaya na wani ƙayyadadden lokaci. A yawancin ƙananan rautocin TP-Link lokacin minti 120 ne, a wasu kuma kwana guda. Da an ci rabin wa'adin na'urar za ta nemi ƙari, kuma a kan ba ta lambar da take kai. Shi ya sa firinta kan yi makonni ba ta motsa ba, har mai shago ya ɗauka lambar tata ce ta har abada.

Ɗauke wuta ne ke tona asiri. Ƙananan rautoci da yawa suna riƙe lissafin wa aka ba wace lamba a ƙwaƙwalwar da ke gogewa da zarar wuta ta yanke. Idan ta dawo, rabon ya koma sabo. Mu ɗauki shagon magani da rautarsa ke kan 192.168.0.1, tana raba lambobi daga 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.199. Ran da aka haɗa kayan, kwamfutar kanta ta sami 100, firinta ta sami 101, mai haɗawa ya rubuta 192.168.0.101 a cikin manhajar sayarwa ya kama gabansa. Yau bayan an koma janareta, wayar yaron shago ta riga kowa, ita ta karɓi 101, firinta ta tsinci kanta a 104. Manhajar ba ta san an yi haka ba. Tana ta aika rasit zuwa ga waya, waya kuwa ba ta san me za ta yi da shi ba.

Kwamfutar kantar ma tana da irin wannan matsala idan ita ce ke riƙe da lissafin kaya, wato idan kanta ta biyu ko kwamfutar ofis a kanta suke karanto farashi. Tana canza lamba sauran su ce sun kasa samun uwar. A nan ba na maganar ƙananan na'urorin cire kuɗi da kati masu layin waya a cikinsu ba. Waɗannan ba ta rautar shago suke bi ba, don haka babu ruwansu da wannan zance.

Maganin shi ne a kama wa kowace ɗaki na dindindin a wurin mai ba da hayar. A ce wa rauta: duk ran da wannan na'ura ta zo, ba ta wannan lamba, kuma kada ki ba kowa ita ko da mai ita ba ta nan. To amma ta yaya rauta ke gane na'urar? Da wata lamba daban, wadda masana'anta ke sa wa kowane kan haɗi, ana kiranta adireshin MAC. Haruffa da alƙaluma 12 ne, biyu-biyu gida shida, misali A4-5E-1C-07-B2-9D, kuma harafin ciki bai wuce F. Duk aikin a kan samo wannan lamba daidai ya rataya, kuma nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe.

A firintar rasit irin Epson TM-T20 da ire-irenta, a kashe ta, a danne maɓallin FEED, a kunna ba tare da an saki ba har ta fara bugawa. Za ta fitar da takardar gwaji, wadda a masu haɗin waya ko wayifai kan nuna adireshin IP da na MAC. Firintar ofis kuma tana da shafin bayanin haɗi da ake bugawa daga allonta. Na fi amincewa da abin da firintar ta buga da kanta a kan ɗan tambarin da ke manne a bayanta, don firintar da ke da ƙofar waya da kuma wayifai lambobin MAC biyu gare ta, ɗaya na kowace hanya. Idan ka kama ɗaki da lambar waya alhali firintar a wayifai take, rauta za ta karɓi abin da ka rubuta ba gardama, amma ɗakin zai zauna babu kowa. A wannan takardar a duba wani abu kuma: dole ta nuna firintar tana karɓar lamba ta DHCP. Wasu firintocin rasit suna zuwa da kafaffiyar lamba daga masana'anta, na Epson 192.168.192.168 ce, kuma wadda ba ta tambaya ba ba ta jin amsar rauta.

A kwamfutar kanta mai Windows, a buɗe Command Prompt a rubuta:

```
ipconfig /all
```

A nemi layin Physical Address a ƙarƙashin haɗin da ake amfani da shi, wanda ke nuna lambar 192.168.0 a gefensa. Layin Default Gateway kuma shi ne adireshin rautar.

Idan kantar ƙaramin allo ne mai Android ko iPad, akwai tarko. Tun Android 10 a 2019, da iOS 14 a 2020, waɗannan na'urori ba sa nuna wa wayifai lambar MAC ta gaskiya. Suna ƙirƙiro ta bogi don kada a riƙa bin sawun mai waya daga wuri zuwa wuri. Dabara ce mai kyau ga wayar aljihu, amma ba ta da amfani ga na'urar da ke ɗaure a kan teburi, domin lambar bogin na iya canzawa idan aka sauya sunan wayifai ko aka wanke na'urar. Ana gane ta cikin sauƙi: idan alama ta biyu a lambar 2 ce, ko 6, ko A, ko E, to ƙirƙirarriya ce. A shiga saitin wannan wayifai a zaɓi Use device MAC a Android, ko a kashe Private Wi-Fi Address a iPad, sannan a ɗauki lambar.

Sauran aikin bai wuce minti biyar ba. A buɗe manhajar shiga intanet a rubuta 192.168.0.1, a sa kalmar sirrin rautar, ba ta wayifai ba. Rautocin Huawei masu layin waya galibi a 192.168.8.1 suke. A nemi sashen DHCP. TP-Link na kiran abin Address Reservation, wasu kamfanonin kuma Static Lease ko IP & MAC Binding. A sa lambar MAC, a sa adireshin da ake so, a ajiye.

Wane adireshi? Mutum zai so ya bar firinta a 101 don kada ya taɓa manhajar sayarwa, kuma hakan na yiwuwa, sai dai a shagonmu wayar yaro na zaune a kai, sai an fitar da ita tukuna. Ni na fi son a hau sama inda ba cunkoso: 192.168.0.190 ga firinta, 192.168.0.191 ga kanta. Suna cikin zangon da rautar ke rabawa, abin da wasu rautoci ke dagewa a kai, kuma da wuya a tarar da wani a wurin. Ladan wannan zaɓi shi ne duk wanda ya ga lambar ya san da gangan aka sa ta. Kuɗinsa kuwa shi ne sai an shiga manhajar sayarwa sau ɗaya an canza 101 zuwa 190. Lambar ƙofa da ke gefensa, wadda galibi 9100 ce, a bar ta yadda take.

Na'ura ba ta komawa sabon ɗaki nan take, don tana riƙe da tsohuwar haya har sai ta zo sabuntawa. A kashe firinta a kunna. A kwamfuta kuma:

```
ipconfig /release
ipconfig /renew
ping 192.168.0.190
```

Idan layukan Reply from 192.168.0.190 suka fito ɗauke da lokacin amsa, firinta ta iso gida. Amma gwajin gaskiya shi ne a kwaikwayi abin da ke kawo matsalar: a rufe kwamfuta yadda ya kamata, a kashe rauta da firinta daga soket, a kunna su tare, wayoyin yara na nan kusa, sannan a buga rasit.

Wani lokaci a wannan gwaji takardar firinta za ta nuna lamba mai farawa da 169.254. Ma'anarta firinta ta riga rauta farkawa, ta yi cigiya ba wanda ya amsa, sai ta laƙaba wa kanta lamba. Yawancinsu suna ci gaba da tambaya su gyara kansu bayan ɗan lokaci. Wadda ta yi taurin kai a sake kunna ta bayan rauta ta gama tashi. Ƙaramin batirin ajiyar wuta a bayan rauta yana kashe wannan matsala daga tushe. Idan kuwa lambar ta fito daga wani zango dabam, kamar 192.168.1.23, to akwai mai ba da haya na biyu a gidan: wani ya jona wata rauta don ƙara ƙarfin wayifai ya bar DHCP ɗinta a kunne. Sai a kashe nata, a bar guda ɗaya na rabo.

Akwai masu cewa me ya sa ba za a rubuta lambar a jikin firinta kawai ba. Ana yin haka, kuma yana da fa'ida ɗaya babba, firinta ba ta jiran rauta. Amma rauta ba ta san an yi ba. Idan ka kafa 101 a firinta alhali 101 na cikin zangon rabo, wata rana za ta iya ba wata waya ita, na'urori biyu su yi ta kokawa a kan lamba ɗaya, rasit ya fito yanzu ya ƙi fitowa anjima. Wannan ya fi na farkon wuyar ganewa. Wanda zai bi wannan hanya ya zaɓi lamba a wajen zangon, kamar 192.168.0.20, ya kuma tuna cewa ran da aka kawo rauta mai wani zango, sai an nemo hanyar shiga firintar an canza ta da hannu.

Kamun ɗakin ma yana da iyakarsa, domin a cikin rautar yake zaune. Wanda ya soka tsinke a ramin Reset ya share shi, sabuwar rauta ba ta gaje shi, kuma sabuwar firinta da sabuwar lambar MAC take zuwa. A rautar da ke da Backup a ajiye kwafin saitin a filashi. A kuma ɗauki takardar gwajin da firinta ta buga, a kwafe lambobin MAC biyun da 190 da 191 da biro a littafin shago, don rubutun takardar rasit da zafi aka yi shi, cikin 'yan watanni a zafin shago zai dushe.