Abin da Binciken Fadamar Haɗejiya da Nguru Ya Gano

Fadamar Haɗejiya da Nguru tana shimfiɗe ne inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke bazuwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. A 1993 ƙungiyar IUCN ta wallafa wani bincike a kanta, wanda Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tsara. Jigonsa shi ne cewa arzikin fadamar ya rataya ne a kan ambaliyar da ke zuwa da damina ta kuma janye da rani.

Idan ruwa ya cika, kifi na hayayyafa, shinkafa na tashi. Idan ya fara ja da baya, manomi na bin danshin da ya bari da wake, makiyayi kuma ya sami ɗanyar ciyawa. Wani kaso na ruwan yana nutsewa ƙasa, kuma shi ne rijiyoyi da bututun noman rani ke zuƙa, har a ƙauyukan da ambaliyar ba ta kaiwa.

Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya wannan tsari. Filin da ruwa ke rufewa ya ragu ƙwarai, ga kuma fari da ya tsananta lamarin. Da masana suka auna abin da kowace ma'aunin ruwa ke samarwa, sai suka ga noma da su da itacen fadama sun fi aikin ban ruwa na Kogin Kano riba nesa ba kusa ba. Wannan ya cancanci jami'an ƙananan hukumomi su riƙe shi, domin an daɗe ana ɗaukar ruwan da ya malala fadama tamkar asara.

Matsala ta biyu ta fi wuyar ganewa. Madatsun suna sakin ruwa har da rani, don haka wasu hanyoyin ruwa sun daina bushewa. Kachala na son irin wannan wuri. Tana kama laka, hanya ta toshe, ruwa ya karkata. Haka mashigar Marma ta riƙa kwasar ruwan zuwa Nguru tana cinye gonaki, alhali Burum Gana da tsohon kogin Haɗejiya suna ƙafewa. Tsuntsayen jan baki kuma suna fakewa cikin kachalar su afka wa shinkafa. Alamar farko ita ce ruwa ya kwanta inda a da yake bushewa kafin bazara.

Shawarar masanan ita ce a saki ruwa mai yawa da damina, ya yi kama da ambaliyar asali. Yanke kachala a ƙarƙashin ruwa yana kashe ta, domin saiwarta ba ta samun iska, amma aikin gayya na gari ɗaya ba ya ɗorewa idan garuruwan sama da na ƙasa ba su share nasu ɓangaren ba.