eFootball Ya Ƙi Buɗewa? Yadda Za Ka Gane Matsalar Daga Saba Ce Ko Daga Wayarka

Idan eFootball ya tsaya a shafin farko ya ƙi wucewa, kada ka yi saurin goge shi. Matsalar tana ɗaya daga wurare uku: sabar kamfanin Konami, layin da kake amfani da shi, ko wayarka.

Fara da duba rana da agogo. Konami ya saba rufe sabarsa domin gyara kowace Alhamis daga ƙarfe 2:00 agogon UTC, wato 3:00 na dare a Najeriya, kuma yawanci sai wajen 9:00 na safe ake buɗewa. Idan babban sabuntawa ne, yakan wuce haka. Matuƙar ka ga sanarwar gyara a allo, wayarka ta isa wurin kamfanin ke nan, don haka datarka lafiya lau take. Jira kawai ya rage. Da an buɗe kuma mutane kan yi cincirindo, shigar ta yi nauyi na ɗan lokaci.

Idan babu sanarwa, a ce kana Dutse ranar Litinin da yamma da layin MTN, sai ka buɗe YouTube. Kada ka gwada da WhatsApp, domin datar soshiyal tana buɗe shi ko da babbar datarka ta ƙare. Danna *323# ka ga abin da ya rage maka.

Daga nan ka nemi aboki mai Airtel ya kunna maka hotspot. Idan wasan ya buɗe, layinka ne ke da matsala. Idan ya ƙi a wayarka amma ya buɗe a tasa, wayarka ce: duba Play Store ko akwai sabuntawa, ka tabbatar agogon wayar yana saita kansa, sannan ka kashe VPN. Idan kuwa ya ƙi muku duka, har wani a Kiyawa ko Birnin Kudu ya ce shi ma haka, to saba ce.

Wannan gwaji yana da iyaka. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS sun lalace, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta. Ranar Alhamis ce, don haka abu ne mai sauƙi a ɗora wa gyara laifi. Alamar da ta bambanta su ita ce sauran shafuka da manhajojin banki ma sun yi ta tangarɗa.

Abin da ya fi jawo asara shi ne danna Clear data ko cire wasan. Hakan ba ya gyara saba, zai cinye maka data mai yawa wajen sake saukewa, kuma idan ba ka haɗa asusunka da KONAMI ID ko Google Play ba, kana iya rasa ƙungiyar da ka daɗe kana ginawa. Haɗa shi tun yau da wasan ke buɗewa.