Me Ya Sa Taransifoma Ke Faɗuwa da Zarar an Kunna Ta?

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tashar rarraba wuta lokacin da ake kunna babbar taransifoma ya san wannan ƙugin. Ana rufe makunni sai ta yi gurnani mai kauri, daga baya muryar ta lafa. Wani lokaci kuwa ko ƙiftawar ido ba a yi ba, sai a ji ƙarar bireka, wuta ta ɗauke. Mutanen unguwa su ce taransifoma ta ƙone, alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Mu ɗauki taransifoma mai ƙarfin MVA 15, wadda ke sauke wuta daga kV 33 zuwa kV 11, irin wadda ta cika tashoshin garuruwanmu. In ta ɗauki cikakken kaya, amfiya 262 take ja ta ɓangaren kV 33. In ba kaya a kanta, abin da take sha bai wuce amfiya biyu ko uku ba. Amma a daidai lokacin kunnawa tana iya zuƙar ninki takwas na cikakken kayanta, wato kusan amfiya 2,100, ko da babu ƙwan fitila ɗaya da aka jona mata. Wannan ambaliyar ce injiniyoyi ke kira inrosh.

Asalin abin yana cikin ƙarfen da aka naɗe wayoyi a kai. Ƙarfen nan kamar soso yake, akwai iyakar maganaɗisun da zai iya sha. Ana ƙera shi ya yi aiki a wajen tesla 1.7, kuma yana ƙoshi a wajen tesla 2, tazarar ba yawa. Wutarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. In aka yi rashin sa'a makunni ya rufe daidai lokacin da ƙarfin wutar yake kan sifiri, maganaɗisun zai nemi ninkawa, ya doshi 3.4. Ga kuma ragowar maganaɗisu da ya maƙale a ƙarfen tun ranar da aka kashe, wanda in ya zo ta fuska ɗaya sai ya ƙara a kai. Da ƙarfe ya ƙoshi, babu sauran abin da ke tare wuta sai ɗan taurin wayar, sai ta kwararo. Shi ya sa taransifoma ɗaya za a kunna ta yau lafiya, gobe ta faɗi.

To ina ruwan na'urar tsaro? Difaranshal rile, wanda ake gani da lamba 87T a jikin allo, aikinsa irin na mai ƙirga buhuna ne a sito: abin da ya shiga ta wannan ƙofa dole ya fita ta waccan. In 262 ta shiga, yana jiran ya ga kimanin 787 ta fita ta ɓangaren kV 11. In lissafi ya saɓa da abin da ya kai, misali, kashi 30 cikin ɗari, wajen amfiya 80, sai ya ɗauka wuta na zurarewa a ciki, ya datse. Ranar kunnawa kuwa 2,100 ta shiga, ba ko ɗaya da ta fita. A idonsa wannan gobara ce.

Dabarar da aka daɗe ana amfani da ita ita ce duba siffar wutar. Inrosh tana zuwa ne tsibi-tsibi ta gefe ɗaya, da giɓi a tsakani, kuma a cikinta akwai kaɗawa mai ninki biyu, sau 100 a daƙiƙa. Sai a saita rile cewa in wannan kaɗawa ta haura kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ya dakata. Matsalar ita ce taransifomomin zamani, saboda irin ƙarfensu, wani sa'in kaɗawar tana sauka ƙasa da haka a layi ɗaya cikin ukun, sai rile ya datse ba gaira ba dalili. Na'urorin auna wuta, wato CT, su ma suna ƙoshi su ba da labarin da ba daidai ba.

Abin da ke damuna shi ne gaggawar sake kunnawa don mutane na jira. Taransifomar da aka gama gyara tana iya faɗuwa saboda lahani na gaske, kuma sake cusa mata wuta na iya ƙarasa ta. Injiniya mai natsuwa zai fara buɗe hoton da rile ya adana. In ya ga tsibi ta gefe ɗaya yana raguwa sannu a hankali, inrosh ce. In wutar ta cika sama da ƙasa ba ta raguwa, sai ya leƙa na'urar Buchholz ko iskar gas ta taru, ya ɗebi mai a kai gwaji, ya auna lafiyar wayoyin kafin kowa ya sake taɓa makunni.