Bulon Siminti, Jan Bulo da Bulon Ƙasa

Bulon siminti ya fi yawa a garuruwanmu, amma ƙarfinsa na ga adadin da aka buga daga buhu ɗaya da ban-ruwan da ya sha. Wanda aka yi wa rowar siminti, da yatsa ake murje gefensa. Jan bulo gasasshe ba ya tsoron damina, kuma ba sai an yi masa filasta ba, sai dai tsada. Bulon jar ƙasa da inji ke matsewa da ɗan siminti yana jinkirta shigar zafi, ɗaki ya yi sanyi da rana. Ruwa ne maƙiyinsa, don haka tun a zanen gida ake ɗaga harsashi, a tsawaita bakin rufi ya kare bango.