Kama da Wane Ba Ta Wane: Tagwayen Kalmomin Turanci Masu Rikita Ɗalibai

Duk malamin da ya taɓa duba takardun insha'in Turanci na 'yan sakandare ya san wani irin kuskure mai ban takaici. Yaro ya san abin da yake son faɗa, ya jera jimlarsa daidai, kalmar da ya rubuta kuma akwai ta a ƙamus, ba harafi ɗaya da ya ɓace. Amma ba ita ce ta dace da wurin ba, 'yar'uwarta ya ɗauko. Ya so ya ce shugaban makaranta, sai ya rubuta *principle* a maimakon *principal*. Ya so ya ce an karɓi takardarsa, sai ya rubuta *except* a maimakon *accept*. Jan biro ya hau, maki ya tafi, shi kuwa yaron bai san laifin da ya yi ba.

Yaronmu yana da uzuri, kuma ya kamata a faɗe shi. Rubutun Hausa na boko yana bin kunne ne sau da kafa, abin da ka ji shi za ka rubuta. Inda ma kalmomi biyu suka bambanta a baki ta tsawon wasali ko karin sauti, mukan rubuta su iri ɗaya, mu bar jimla ta raba gardama. *Gari* na zama da *gari* na tuwo rubutunsu ɗaya ne, ba kuma wanda yake ruɗewa. Turanci kuwa yakan juya abin: furuci ɗaya, rubutu biyu. Don haka yaron da ya saba amincewa da kunnensa tun aji ɗaya na firamare, ya zo inda kunne ba ya iya yi masa jagora.

Dalili shi ne, Bature ba ya ba gaɓoɓin kalma ƙarfi daidai wa daida. Yakan danna gaɓa ɗaya da ƙarfi, sauran kuma ya bi ta kansu da sauri har wasalinsu ya dushe. A *principal* da *principle* ƙarfin yana kan gaɓar farko, wutsiyar kuma ta narke, shi ya sa ko a bakin mutumin Landan furucinsu ɗaya ne tak. A *accept* da *except* ƙarfin yana kan gaɓa ta biyu, wasalin farko da ya raba su kuma shi ne mai rauni. Malamin da ya ce wa yara su kasa kunne da kyau za su ji bambanci, ya ɗora musu aikin da ba ya yiwuwa.

Abin da ke raba tagwayen nan shi ne aikin da kowace take yi a cikin jimla. *Accept* aikatau ce, wato kalmar aiki, ma'anarta karɓa ko amincewa. Tana bukatar mai yi, tana kuma canza kama da lokaci, a ce *accepts* ko *accepted* ko *accepting*. *Except* kuwa, a kusan duk inda ɗalibi zai gamu da ita, togiya take yi, wato tana cire abu ɗaya daga cikin taro, kamar yadda muke cewa "ban da" ko "in ban da". Dukansu daga Latin suka fito, jijiyarsu ɗaya mai nufin kamawa ko ɗauka. Ta farko an liƙa mata ɗafin da ke nufin "zuwa ga", ta biyu kuma *ex* mai nufin "waje", irin wanda ke cikin *exit* da ake gani a saman ƙofar fita. Ɗaya tana jawo abu ciki, ɗaya tana fitar da shi. Akwai kuma alamar da ido zai iya kamawa tun daga nesa: *except* ta fi son biyo bayan kalmomin da suka game kowa da komai, irin su *all* da *every* da *everybody* da *nobody*, domin sai an tara ne ake cire wani.

Bari mu ɗauki jimla ɗaya irin wadda yara ke rubutawa a wasiƙa, mu bi ta a hankali:

*The principle did not except my excuse, so everybody went home accept me.*

Abin da yaron yake nufi a fili yake. Shugaban makaranta bai karɓi uzurinsa ba, kowa ya tafi gida ban da shi. Kurakurai uku ne a layi ɗaya, kuma duk hanyar gano su ɗaya ce: a tsaya a kan kalmar, a tambayi kai da Hausa me take yi a nan. A wuri na farko mutum ake nufi, mai ofis da kujera, wanda yara ke kira firinsifal, don haka *principal* ce. A wuri na biyu kalmar ta biyo bayan *did not*, kuma abin da ke biyo bayan *did not* aikatau ne. Gwada sa "karɓa": bai karɓi uzurina ba. Ta zauna daram, ke nan *accept* ce. A wuri na uku gwada "karɓa" kuma: kowa ya tafi gida karɓe ni. Magana ta lalace. Gwada "ban da": kowa ya tafi gida ban da ni. Ta yi, ga kuma *everybody* can baya tana ba da shaida. Wurin na *except* ne.

Ni a ganina wannan gwaji da harshen gida ya fi duk wata hadda amfani, kuma ina jin zafin yadda wasu makarantu ke hana yara taɓa Hausa a darasin Turanci ko da don irin wannan. Kalmomin da suka yi kama a Turanci ba su yi kama a Hausa ba ko kaɗan. Ba Bahaushen da zai rikita "karɓa" da "ban da". Makamin yana hannun yaron tun daga gida, nuna masa kawai ya rage.

Batun *principal* yana bukatar ƙarin zama, domin kalmar tana da fuska fiye da ɗaya. Asalinta kalmar Latin ce mai nufin na farko ko na gaba. Shi ya sa take nufin shugaban makaranta, take kuma zama sifa mai nufin babba ko mafi muhimmanci, kamar a *the principal cause*, wato babban dalili. Fuska ta uku tana cikin littafin lissafi. A darasin kuɗin ruwa ana ba yara wannan ƙa'ida:

```
I = PRT/100
```

Harafin P a nan *principal* ne, wato uwar kuɗi, asalin abin da aka ranta ko aka ajiye kafin a ɗora komai a kai. In an ajiye naira 20,000 a kan kashi 5 cikin ɗari har shekara 2, ruwan zai zama naira 2,000, ita kuwa naira 20,000 ɗin ita ce *principal*. Duk fuskokin uku abu ɗaya suke nunawa: wanda ke gaba, ko mutum ne, ko dalili, ko kuɗi.

*Principle* kuwa suna ce kawai, ba ta taɓa zama sifa, ba ta kuma nufin mutum. Ma'anarta ƙa'ida, ko aƙida, ko tushen da aka gina wani ilimi a kai. Ita ce ke cikin *Archimedes' principle* da ake koyarwa a kimiyya, ita ce kuma ke cikin *a man of principle*, wato mutum mai aƙida da ba ya sauka daga kanta. Akwai wata dabarar tunawa da ta yaɗu a littattafai, wai a lura *principal* ta ƙare da *pal*, wato aboki, shugaban makaranta kuma abokin ɗalibi ne. Dabarar tana aiki a fuska ɗaya kaɗai. Yaron da ya dogara da ita zai rubuta *the principle cause*, tunda dalili ba abokin kowa ba ne. Gara a koya masa cewa *principle* da *rule* duk da *le* suka ƙare, kuma duk ƙa'ida suke nufi. In "ƙa'ida" ba ta shiga wurin ba, to ɗayar ce.

Da zarar yaro ya kama wannan hanya ta tambayar aikin kalma, wasu tagwayen da yawa za su faɗo da kansu. *Advice* shawara ce, *advise* kuma ba da shawara, mai *c* suna, mai *s* aikatau. Haka *practice* da *practise* suke a rubutun Birtaniya wanda makarantunmu suka gada, ko da yake Amurkawa *practice* suke rubutawa a duka biyun, abin da ke ƙara ruɗa yaran da ke yawan karatu a waya. *Affect* galibi aikatau ce, shafar abu, *effect* kuma galibi suna ce, sakamakon da shafar ta haifar. *Lose* rasawa ce ko shan kaye, *loose* kuma abu mai sako-sako.

Sai dai akwai wani rukuni da wannan magani bai isa ya warkar ba, kuma namu ne na kanmu. Hausa ba ta raba sautin *p* da *f*, shi ya sa *pull* da *full*, ko *pan* da *fan*, suke zama tagwaye a bakin yaronmu alhali a wurin Bature ba su haɗa hanya ba. Haka *live* da *leave*, ko *sit* da *seat*, inda wasali ne ya bambanta. A nan kunne da baki ne ke bukatar horo: a haɗe leɓɓa biyu a saki iska da ƙarfi don *p*, a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa don *f*, a maimaita har ya zauna. Malami yana bukatar ya fara gane wane irin ciwo ne a gabansa. In furucin kalmomin ɗaya ne ko a bakin masu harshen, aikin nahawu ne. In a bakinmu ne kawai suka haɗe, aikin furuci ne, kuma shi ne abin da takardar sautuka ta jarrabawar WAEC take gwadawa.

Asarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. A insha'in WAEC maki 50 ne, an ware 10 daga ciki don tsabtar rubutu, wato nahawu da alamomin rubutu da jeren haruffa, kuma kowane kuskure yana cin rabin maki. Jimlar nan ta ɗazu ita kaɗai ta cinye maki ɗaya da rabi. Kurakurai ashirin sun isa su share goman nan kaf, a rubutu mai kalmomi kamar 450. Waya da kwamfuta ma ba sa ceto a nan yadda ake zato, domin mai duba haruffa na cikinsu yakan ja jan layi ne a ƙarƙashin kalmar da babu ita a ƙamus, *principle* kuwa tana nan lafiya lau, wurin zama kawai ta ɓata.

Game da koyarwa, ban ga amfanin a rubuta tagwaye talatin a allo rana ɗaya a ce yara su haddace ba. Jera su kafaɗa da kafaɗa tun kafin yaro ya san ko ɗaya sosai yakan ƙara cakuɗa su ne a kansa. Abin da ya fi shi ne a ɗauki kalma ɗaya, a yi ta amfani da ita cikin jimloli na kwana biyu ko uku har ta zauna, sannan a kawo 'yar'uwarta. Shifta ma a yi ta da cikakkiyar jimla, domin in malami ya furta *principal* ita kaɗai ya ce a rubuta, ba wanda zai iya sanin wadda yake nufi, ko da shi ne ya fi kowa ƙoƙari a ajin. Iyaye da yayye a gida za su iya yin wannan da littafin insha'in yaron kansa: a nemo inda jan biro ya kewaye kalma, a sa shi ya faɗi jimlar da Hausa, sannan ya zaɓi wadda ta dace ya sake rubuta jimlar gaba ɗayanta a ƙasan shafin.