Motar da Ke Riƙe Kuɗinta da Wadda Ke Cinye Shi

Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, ana yawan jin masu mota suna cewa mota ta zama kadara kamar fili. Mutum ya sayi tasa miliyan huɗu da rabi, bayan shekara biyu dillali ya taya ta miliyan bakwai, sai ya ga kamar ya ci riba. Wannan lissafi yana yaudarar mutane da yawa, kuma yana sa wasu su sayi motar da za ta cinye musu jari ba su sani ba.

A ce a farkon 2023 wani ya sayi Toyota Corolla tokumbo a kan naira miliyan 4.5, lokacin da dala take wajen naira 750 a hannun 'yan canji. Kuɗinsa dala 6,000 ke nan. A ƙarshen 2024, dala ta kai wajen naira 1,600, ya sayar da motar miliyan 7.2. Idan ya mayar da kuɗin dala, 4,500 zai samu. Kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyarsa ya tafi, kuma zai gane haka ranar da ya je neman irinta wadda aka sauke yanzu, aka ce masa miliyan tara da wani abu. A ce kuma maƙwabcinsa ya sayi tsohuwar babbar motar alfarma ta Turai a kan miliyan 9, wato dala 12,000, ya sha fama kafin ya sami mai ba shi miliyan 9.6. A baki bai faɗi ba. A dala kuwa 6,000 ta rage masa, rabin kuɗinsa, ban da abin da ya zuba wa bakanike. Alƙaluman misali ne, amma haka abin yake tafiya: kowace mota tana faɗuwa, sai dai wata a hankali, wata da gudu.

Faɗuwar ta fi tsanani a farko. Sabuwar mota dal tana iya rasa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na darajarta a shekarar farko, zuwa shekara biyar da yawansu sun rasa kusan rabi. Daga nan sai saukar ta lafa. Yawancin motocin da ke shigowa kasuwanninmu wani a Amurka ko Turai ya riga ya sha wannan asarar ta farko. Mu tamu faɗuwar tana zuwa ne ranar da aka ɗaura lamba. Motar da ake kira tokumbo ko 'yar Beljiyam, da zarar an yi mata rajista ta koma sahun waɗanda aka hau a gida, farashinta ya sauka ko da wata ɗaya kacal ta yi a hannunka.

Abin da ke yanke farashin mota ranar sayarwa shi ne fargabar mai saye na gaba. Tambayoyi uku ne a ransa: nawa za ta sha mai, ina zan sami kayanta, wa zai gyara mini ita idan ta tsaya a hanyar ƙauyenmu? Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8 tana amsa su duka. Ba ta da ci, kayanta suna jibge a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Apo a Abuja, kuma yaron bakanike ma ya san cikinta. Sannan masu nemanta sun yi yawa: ma'aikacin gwamnati, mai saya wa iyali, mai son sa ta haya. Haka Camry mai silinda huɗu, da Hilux, da Hiace, da Sienna. Motar da za ta iya nemo kuɗi bayan ta tsufa ba ta rasa mai saye, shi ya sa tsohuwar Golf 3 da Sharan suka daɗe suna da kasuwa a tashoshin Arewa.

Waɗanda suka fi saurin zubewa su ne manyan motocin alfarma idan suka tsufa, irin su Range Rover da BMW 7 da Marsandi S. Ba wai ba su da kyau ba ne. A tuƙi da jin daɗin zama sun fi Corolla nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce farashinsu yana sauka amma kuɗin gyaransu yana nan yadda yake. Da yawansu a kan jakunkunan iska suke zaune maimakon sifirin na ƙarfe. Jakar tana tsagewa, famfon da ke hura ta ya ƙone, da safe ka tarar motar ta durƙusa ta gefe ɗaya. Wayoyi da na'urori sun cika su, sai an jona kwamfuta ake gane ciwonsu, masu iya hakan kuma ƙalilan ne. Mai kuɗin da zai iya ɗaukar wannan nauyi sabuwa yake so, wanda kuma yake sha'awar tsohuwar ba zai iya riƙe ta ba. Sai motar ta yi watanni a filin dillalai, tayoyi suna sacewa, ana rage farashi.

Tun daga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, masu silinda shida da takwas ma sun shiga wannan sahu, domin mai saye yanzu da lissafin lita yake zuwa. Akwai kuma motar da sunanta ya ɓaci a bakin makanikai, kamar Honda Accord ta 2003 mai silinda shida da aka sani da matsalar giya, da wasu Nissan masu giyar CVT. Ko taka lafiyarta ƙalau, da farashin tsoro za a taya ta. Sai kuma motar da babu irinta a gari. Ranar saye abin alfahari ce, amma fitilarta guda ta fashe sai an yi odarta daga waje.

Zaɓen samfuri rabin aiki ne. Corolla biyu 'yan shekara ɗaya suna iya bambanta da miliyoyi, kuma a nan nake ganin ya kamata mai saye ya kashe yini guda da kuɗin bakaniken da ya yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Fentin asali yana da daraja sosai. A duba motar da rana tsaka, a kalli ko launin ƙofa ya saɓa da na gefenta, a ɗaga robar bakin gilashi a ga ko fenti ya fantsama a kanta, a buɗe bonet a kalli kusoshin da ke riƙe fenda ko sifana ta taɓa cin kansu. Motocin gwanjon haɗari da na ambaliya daga Amurka suna shigowa da yawa. Ta ambaliya ana gane ta da warin rima, da laka a ramin tayar safaya, da tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, kuma wayoyinta ba sa daina ba da wahala. Lambar tafiya ana mayar da ita baya, don haka a gwada ta da yadda sitiyari da robar birki suka side. A leƙa ƙarƙashi a tabbatar ba a cire matatar hayaƙin salansa da ake kira indomi ba. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wato VIN, za a iya bincika tarihin motar da ita idan daga Amurka ta zo.

Takardun kwastan kuwa kada a yi musu sassauci. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma 'yan Kwatano ba su daina bi ta bayan fage ba. Motar da ba a biya mata cikakken duti ba za ta zo da rangwame mai daɗi, sai dai ana iya kama ta a hanya, kuma mai saye na gaba zai zabtare fiye da abin da aka rage maka. A tabbatar lambar shasin da ke takarda ita ce a jikin motar, a kai takardun ofishin kwastan su tantance kafin kuɗi ya bar hannu.